Dakatarwa, Sauka Ƙasa ko Sokewa: Wanne Ya Fi Sauƙi a Biyan Kuɗin Wata-wata?

A gidaje da yawa, idan wata ya ƙare akwai kuɗaɗen da ke fita ba tare da an je kasuwa ba: na DStv ko GOtv, na Netflix, na YouTube marar talla, na ma'ajiyar hotuna ta Google. Duk lokacin da aljihu ya matse, ko tafiya ta taso, ko kakar ƙwallo ta ƙare, maigida kan tsaya tsakanin abu biyu, ko ya ci gaba da biya ko ya yanke gaba ɗaya. Amma tsakanin waɗannan biyun akwai wasu hanyoyi biyu da kamfanoni ba su cika tallata su ba. Ana iya dakatar da biyan na wani ɗan lokaci, ana kuma iya sauka zuwa ƙaramin tsari mai rahusa.

Sai dai ba kullum ne waɗannan hanyoyi suka fi sauƙi ba. Wanda ya soke ya daina biya ke nan, kuma babu farashin da ya kai sifili araha. Dakatarwa ko sauka ƙasa suna fin sokewa sauƙi ne kawai idan sokewar za ta jawo maka asarar wani abu da ya fi kuɗin riƙewar daraja: kwanakin da ka riga ka biya, tsohon farashi da aka ɗaure maka, tarar karya yarjejeniya, ko ajiyarka da ke hannun kamfanin. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sokewa ce ta fi. Duk lissafin a nan yake, kuma misalin da ya fi fito da shi fili ga mai karatu a Najeriya shi ne na tauraron ɗan'adam da ke kan rufin gidaje.

Kwanakin da ka riga ka biya

DStv da GOtv, na kamfanin MultiChoice, a Najeriya biya ake yi kafin a kalla. Ka biya, a buɗe maka na wata guda, kuma kwanakin suna tafiya ko ka kunna dikoda ko ba ka kunna ba. Wannan shi ne tsohon ƙorafin masu kallo, musamman inda wutar lantarki ba ta zama. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sa baki a lamarin fiye da sau ɗaya. A 2016 ta umarci kamfanin ya bai wa masu biya damar dakatar da kallonsu sau biyu a shekara, na kwana 7 zuwa 14 kowane karo. A 2019 aka ɗaga zuwa sau uku, a 2022 kuma hukumar, wadda yanzu ake kira FCCPC, ta ce a mayar da shi aƙalla sau huɗu a shekara.

Ga abin da wannan ke nufi da kuɗi. A farashin da ya fara aiki a watan Maris na 2025, tsarin Compact naira 19,000 ne a wata. Idan aka raba shi gida 30, kowace rana ta tashi kusan naira 633. A ce mutum ya biya ranar 1 ga wata, ranar 10 kuma tafiya ta kama shi da iyalinsa ta mako biyu, ko biki ko ta'aziyya ko hutun makaranta a ƙauye. Idan ya kulle gida ya tafi haka nan, kwana 14 sun ƙone, wato kusan naira 8,900. Sokewa ba za ta ceto masa ko kwabo ba, domin kuɗin sun riga sun shiga hannun kamfani. Dakatarwa ce kaɗai ke tsayar da ƙirgen, ta tura ranar ƙarewar biyansa gaba da adadin kwanakin da ya dakatar. Wanda ya yi amfani da damar nan huɗu cikakku ya ceci kwana 56 a shekara, abin da ya haura naira 35,000 a tsarin Compact.

Sharaɗin shi ne a nemi dakatarwar tun da wuri, ta hanyar sashen kula da abokan hulɗa, da lambar katin dikoda a hannu, kuma a ba su aƙalla kwana biyu kafin ranar da ake so ta fara. Ba a dakatar da kwanakin da suka wuce. Saboda haka idan taransifomar unguwa ta ƙone, kuma kowa ya san gyaranta sai an yi karo-karo, ranar farko ce ranar neman dakatarwa, ba bayan an yi kwana goma a duhu ba. A kuma nemi saƙon da ke tabbatar da ranar farawa da ranar dawowa, domin shi ne hujjarka idan ranar ƙarewar biyanka ba ta matsa ba.

Doguwar tafiya kuwa, irin ta aikin Hajji da kan ɗauki wata guda ko fiye, kwana 14 ba za su rufe ta ba. A nan dabarar ita ce a daidaita ranar biya da ranar tashi. Idan biyanka zai ƙare kwana uku kafin jirgi, kada ka sabunta. Idan kuma saura kwana goma ko fiye a ciki, ka dakatar, ka san cewa dakatarwar za ta ƙare kana can, wasu kwanakin za su tafi. Ko da hakan, a tafiyar kwana 40 ba abin da dakatarwa za ta ceto idan ragowar biyan bai wuce kwana 26 ba, domin bayan kwana 14 ƙirgen zai ci gaba ya cinye su kafin ka dawo. Wannan iyaka ce da ya kamata a sani kafin a ɓata lokacin kiran waya.

Idan kakar ƙwallo ta ƙare

Da yawa daga cikin masu biyan Compact saboda gasar Firimiya ta Ingila suke biya. Gasar kan ƙare a watan Mayu, ta dawo tsakiyar Agusta, wato Yuni da Yuli babu ita. Me ya kamata a yi da waɗannan watanni biyu?

Wanda ya ci gaba da biyan Compact zai kashe naira 38,000. Wanda ya sauka zuwa Confam, mai naira 11,000 a farashin wancan lokaci, zai kashe 22,000. Wanda ya sauka zuwa Yanga, mai naira 6,000, zai kashe 12,000, ya rage 26,000. Wanda kuma ya ƙi biya gaba ɗaya bai kashe komai ba, kuma dikodarsa tana nan, a watan Agusta zai biya a buɗe masa.

Ka ga a nan sauka ƙasa ta fi ci gaba da biya sauƙi, amma ba ta fi daina biya ba. Gwauron da ƙwallo kaɗai yake kallo, babu dalilin da zai sa ya riƙe Yanga. Naira 12,000 ce zai zubar a banza. Lissafin yana sauyawa ne a gidan da ke da iyali. Idan aka rufe dikoda, yara da uwargida ba za su daina kallo ba, waya za su koma, kuma kallon bidiyo a waya data yake ci. Gidan da zai ƙara sayen datar da ta haura naira 6,000 a wata saboda an kashe talabijin, riƙe ƙaramin tsarin ya fi masa sauƙi. Tambayar da maigida zai yi wa kansa ke nan: idan na soke, me za mu saya a madadinsa, kuma nawa ne? Kafin a sauka kuma, a duba jerin tashoshin ƙaramin tsarin, a tabbata tashar da mutanen gida suke kallo tana ciki. Rahusar da ba ta ƙunshi abin da ake so ba, asara ce.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a wannan gaɓa. Mutum yana kan Compact, sai ya tura naira 6,000 yana zaton dikoda za ta gane Yanga yake nufi. Idan ba a sauya tsarin a asusunsa ba, kuɗin na iya zama a ajiye a matsayin biyan da bai cika ba, allo kuma ya ci gaba da nuna E16. A fara sauya tsarin tukuna, a manhajar MyDStv ko wajen wakili, ko a zaɓi sabon tsarin da sunansa a lokacin biya. Lokacin da ya dace kuma shi ne ƙarshen watan da aka biya, ba tsakiyarsa ba.

Tsohon farashi

Abu ɗaya da kan iya juya lissafin gwauron nan shi ne ɗaurin farashi. Lokacin da MultiChoice ya ƙara kuɗi a 2022, ya ba da damar cewa wanda ya riƙa sabuntawa kafin ranar ƙarewar biyansa zai ci gaba da biyan tsohon farashi har shekara guda. Wanda ya bari biyansa ya yanke ya faɗa sabon farashi. Irin wannan tayin ba kullum yake nan ba, amma idan yana nan, yana da kyau a san yadda ake auna shi.

Mu ɗauki alƙaluma na gaskiya mu gwada. Compact yana naira 15,700 daga Mayun 2024, ya koma 19,000 a Maris na 2025, bambancin naira 3,300 a wata. A ce an ɗaure wa mutum tsohon farashin na shekara guda. Idan ya biya wata 12 ba fashi, ya kashe naira 188,400. Idan ya tsallake wata biyu tun farkon ɗaurin, ya biya sauran goman a sabon farashi, ya kashe 190,000. Wato ya biya fiye da wanda bai yi fashi ba, kuma ya rasa kallon wata biyu. Amma idan wata uku ya tsallake, zai biya tara a sabon farashi, naira 171,000, ya rage 17,400. Haka kuma idan fashin ya zo dab da ƙarshen ɗaurin, abin da zai rasa kaɗan ne, domin watannin rahusar da suka rage ba su da yawa.

Ƙa'idar da ta fito daga nan tana aiki ga kowane irin biya: ka ninka rahusar da kake samu da adadin watannin da suka rage mata, ka gwada da kuɗin da za ka kashe a watannin da ba ka buƙatar abin. Wanda ya fi girma shi ne asarar da za ka guje wa. A tambaya kuma ko ɗaurin yana bin mutum idan ya sauya tsari, domin yana iya kasancewa na tsarin da yake kai ne kaɗai.

Dakatarwa iri-iri ce

Ba kowace dakatarwa ce ke yin aikin ta DStv ba. Ta YouTube Premium, alal misali, ana iya yin ta har tsawon wata shida, amma ba ta farawa sai watan da ka biya ya ƙare. Ba ta ceto kwana ko ɗaya da ka riga ka biya. Abin da take yi shi ne jinkirta cirar kuɗi ta gaba. Ta fuskar kuɗi, ita da sokewa ɗaya suke a watannin da ba ka nan, sai dai bambanci guda mai muhimmanci: idan wa'adin ya cika, biyan yana dawowa da kansa, a cire kuɗi daga katinka ko ka tuna ko ka manta. Wanda ya tabbata zai dawo, wannan sauƙi ne gare shi. Wanda a zuciyarsa ya riga ya gaji da abin, dakatarwa tarko ce, gara ya soke. Kamfanoni sun san haka, shi ya sa da zarar ka danna wajen sokewa sai su fara nuna maka tayin dakatarwa.

Manhajojin da ake biya ta Google Play ma haka suke. Idan mai manhajar ya yarda da dakatarwa, za ka ga zaɓin a ƙarƙashin Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, kuma tsawonta daga mako guda ne zuwa wata uku, gwargwadon irin biyan. A nan ne kuma ake sokewa. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi, kuma mutane da yawa sai sun ga saƙon banki suke gane haka.

Akwai kuma dakatarwar da ita kanta ake biya. A 2025 kamfanin intanet na Starlink ya maye gurbin dakatarwarsa ta kyauta da wani tsarin jiran gado mai dala 5 a wata a Amurka, wanda ke ba da intanet mai ƙarancin gudu. Irin wannan tana da ma'ana ne inda dawowa bayan sokewa ke da wuya ko tsada, kamar yankin da gurbi ya cike, sabbin masu nema suna jiran layi. Lissafinta mai sauƙi ne: kuɗin riƙewa sau adadin watanni, a gwada da kuɗin sake shiga. Idan riƙewa naira 2,000 ce a wata, sabuwar rijista kuma 10,000, to har wata huɗu riƙewa ta fi, a wata na biyar sun yi kunnen doki, daga na shida sokewa ta fi.

Inda sokewa ke da tara ko asara

Masu aikin zane, ɗaukar hoto da tace bidiyo sun san manhajojin Adobe. Kamfanin yana da tsarin da ake biya wata-wata amma yarjejeniyarsa ta shekara ce. Wanda ya soke bayan kwana 14 na farko ana cajinsa rabin kuɗin watannin da suka rage. Batun ya kai ga hukumomin Amurka sun shigar da kamfanin ƙara a watan Yunin 2024, bisa zargin ɓoye wannan sharaɗi ga masu saye. A ce biyan dala 20 ne a wata, mutum ya yi wata takwas, saura huɗu. Ci gaba zai ci masa dala 80, sokewa kuma dala 40 ba tare da ya amfana da komai ba. Idan akwai ƙaramin tsari na dala 10 da zai iya komawa, wata huɗu a kansa dala 40 ne, daidai da tarar, kuma yana da abin aiki a hannu. Amma kafin ya danna, sai ya karanta ko sauyin zai buɗe masa sabuwar yarjejeniyar shekara. Idan haka ne, ba wata huɗu ya ɗauka ba, wata 12 ne, dala 120, kuma ga wanda ba ya buƙatar manhajar, biyan tarar ya fi sauƙi.

Wata asarar ba ta tara ba ce, ta ajiya ce. Kowane asusun Google yana da gigabait 15 kyauta, waɗanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa. A ce mai shago yana biyan tsarin gigabait 200 na Google One, alhali abin da ya ajiye 60 ne. Idan ya soke, ya koma 15, ya haura iyaka da 45. Daga nan ba zai iya ɗora sabon hoto ba, kuma aikawa da karɓar wasiƙa a Gmail suna iya tsayawa. Idan ya zauna a haka shekara biyu, kamfanin na iya goge ajiyar. Sauka zuwa tsarin gigabait 100 ta rage masa kuɗi ba tare da ta taɓa komai ba. Sokewa kuwa sai ya fara kwashe gigabait 45 zuwa wata ma'ajiya, da kuɗin datar sauke su da na abin da zai zuba su.

Haka abin yake a Audible, mai sayar da littattafan saurare. Littattafan da ka riga ka saya naka ne ko ka soke, amma makin sayen littafi da ka tara ba ka kashe ba yakan tafi tare da sokewar idan kai tsaye kake biyan kamfanin. Mai maki uku a ajiye, ko dai ya kashe su kafin ya soke, ko ya dakatar har wata uku ya kashe su a hankali.

Inda babu abin da za a rasa

Netflix misali ne na ɗaya ɓangaren. Babu yarjejeniyar shekara, babu tara, kuma wanda ya soke yana ci gaba da kallo har ƙarshen watan da ya biya. Don haka mai jiran wani shiri da ba zai fito ba sai bayan wata uku ba shi da dalilin riƙe ƙaramin tsari. Ya soke, ya dawo in shirin ya fito.

Sauka ƙasa a nan ta masu kallo kullum ce da suke biyan abin da ba sa amfani da shi. A farashin tsakiyar 2025 a Najeriya, Premium naira 8,500 ne, Standard 6,500, Basic 4,000, Mobile 2,500. Abin da Premium ya fi saura da shi shi ne kallo a na'urori huɗu lokaci guda da hoto mai kaifin 4K. Gidan da talabijinsa ba ta nuna 4K, kuma ba a taɓa samun mutum fiye da biyu suna kallo a lokaci ɗaya ba, zai rage naira 24,000 a shekara idan ya koma Standard, ba tare da ya ga wani bambanci ba. Ɗalibin da a waya kaɗai yake kallo, Mobile ya ishe shi. A lura cewa hawa sama yana fara aiki nan take, sauka ƙasa kuma sai ranar biya ta gaba, saboda haka wanda ya yi jinkirin kwana ɗaya bayan an cire kuɗi ya sake biyan wata guda a babban farashi.

Kafin a yanke shawara

Duk misalan nan suna komawa ga abubuwa uku da mutum zai rubuta a takarda. Na farko, wata nawa zai yi ba ya buƙatar abin, kuma ko ya tabbata zai dawo. Na biyu, nawa riƙewa za ta ci a tsawon lokacin, ko kuɗin ƙaramin tsari ne ko na dakatarwa. Na uku, nawa sokewa za ta ci idan aka haɗa kwanakin da aka riga aka biya, tara, rahusar da za ta tafi, kuɗin sake shiga da kuɗin abin da za a saya a madadi. Idan na uku ya fi na biyu, a dakatar ko a sauka. Idan bai kai ba, a soke.

Gajeriyar tafiya a tsakiyar watan da aka biya ta dakatarwa ce. Buƙatar da ta ragu amma ba ta ƙare ba ta ƙaramin tsari ce. Dogon rashi, ko abin da aka daina so, na sokewa ne. Farashi da sharuɗɗa suna sauyawa, don haka a sa alƙaluman ranar a cikin lissafin, ba na bara ba. Wanda kuma ya zaɓi dakatarwa mai dawowa da kanta, ya sa wa wayarsa tunatarwa kwana uku kafin wa'adin ya cika, domin ya sake yin lissafin kafin a taɓa katinsa.